Taimako: yadda zan ciro lambar kaya da ke cikin baka biyu a Excel

Mai_Sito_Tawa
Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninku. Ina kula da siton wani shagon taki da iri a nan Tawa. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya rubuta sunan kaya da lambarsu duk a gida ɗaya, lambar tana cikin baka biyu, kamar haka:

```
Taki NPK (TK-0412)
Irin tumatir (IR-117)
```

Layi 1240 ne. Yanzu maigida yana son lambar a kolon dabam domin a haɗa ta da takardar farashi kafin ƙidayar ƙarshen wata. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Sakkwato ya turo mini formil mai MID da FIND, na kwafa na saka, Excel ya ƙi karɓa sam, sai ya fito da wani saƙo cewa akwai matsala a formil ɗin. Na fara kwafar lambobin da hannu, na kai layi na 60 idona ya fara ruwa. Don Allah mai hanya ya taimaka.

Ibro_Kontabul
Wa alaikumus salam. Kafin komai, Excel naka da wane harshe yake? Duba sama, Accueil aka rubuta ko Home?

Mai_Sito_Tawa
Accueil ne, Malam Ibro.

Ibro_Kontabul
To shi ke nan, formil ɗin ɗan'uwanka ba laifi gare shi ba, na mutanen Najeriya ne. A na Faransanci MID sunansa STXT, FIND kuma TROUVE. Sannan inda su suke sa waƙafi, mu waƙafi mai ruwa muke sawa, saboda waƙafi a wajenmu shi ke raba lamba da guntunta, kamar 2,5. Ga nasu:

```
=MID(A2,FIND("(",A2)+1,FIND(")",A2)-FIND("(",A2)-1)
```

Ga namu:

```
=STXT(A2;TROUVE("(";A2)+1;TROUVE(")";A2)-TROUVE("(";A2)-1)
```

Ka rubuta shi da hannunka a B2, kada ka kwafo daga waya, don wani lokaci waya tana lanƙwasa alamomin zancen nan, Excel kuwa miƙaƙƙu kawai ya sani. In ya fito daidai sai ka ja shi ƙasa.

Dan_Wadata
Duk wannan tsawon na mene ne? Ni haka nake yi kuma yana tafiya:

```
=STXT(A2;TROUVE("(";A2)+1;TROUVE(")";A2))
```

Mushe_Sani
Dan_Wadata, ka gwada shi a kan layin farko da ya kawo? Zai ba ka lambar da wutsiya, wato TK-0412 da bakan rufewa manne a bayanta. Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, har ɗalibaina da nake koya wa kwamfuta da yamma. Abu na uku da STXT yake tambaya ba shi ne "a ina zan tsaya" ba. Tambayarsa ita ce "haruffa nawa zan ɗebo".

Mu ƙirga tare a kan Taki NPK (TK-0412). Taki haruffa 4, tazarar da ke biye ita ce ta 5, don tazara ma ana ƙirga ta. NPK sun kama 6, 7, 8, wata tazara ta 9, bakan buɗewa ya faɗa a 10. Daga nan lambar ta fara a 11 ta ƙare a 17, bakan rufewa yana 18.

Saboda haka TROUVE na farko ya ba da 10, aka ƙara 1 domin a tsallake bakan kansa a fara daga 11. Tsawon kuwa, 18 a cire 10 saura 8, amma takwas ɗin nan ya haɗa da bakan rufewa, shi ya sa ake sake cire 1 ya zama 7. Ƙirga TK-0412 da yatsa, bakwai ne cif.

Naka ya ce wa STXT ya fara daga 11 ya ɗebo haruffa 18. Takwas kawai suka rage a gidan, sai ya kwaso su duka bai yi ƙorafi ba. Da akwai wani rubutu bayan bakan, da shi ma ya biyo.

Dan_Wadata
Haka ne kam, Mushe, na duba nawa. Ashe ni daga baya nake goge bakan da Ctrl+H, na manta. Amma in haka ne ai sai a sa 7 kai tsaye a huta.

Hadiza_Stat
Bakwai ya yi wa TK-0412 daidai, amma IR-117 shida ne. Za ka sake samun wutsiyar. Lamba kai tsaye sai in ka tabbata dukkan lambobin tsawonsu ɗaya, kuma a sito na gaske ban taɓa ganin haka ba.

Mai_Sito_Tawa
Alhamdu lillahi! Malam Ibro, na rubuta naka ya fito. Na ja har ƙasa. Mafi yawa sun yi kyau, amma akwai wajen 40 da suka rubuta #VALEUR!, sannan wasu sun fito da abin da ba lamba ba, ɗaya ma Galmi ya rubuta mini.

Alhaji_Kwastan
Ni dai a kwastan in ka ga lamba cikin baka biyu to bashi ne ko ragi. Ku yi hankali kada yaron nan ya cire baka ya mayar da bashi riba.

Ibro_Kontabul
Ranka ya daɗe, ba kuɗi ba ne a nan, lambar kaya ce da ke manne da suna. Amma maganarka ta tuno mini wani abu da ya taɓa cinye mini rabin yini. A tablon lissafi za ka ga (5 000) a allo, ka sa TROUVE ya nemo baka, ya ce babu. Gaskiyarsa kuwa, domin abin da ke cikin gidan -5000 ne, bakan kwalliya ce kawai da aka yi wa lambar. In ka danna gidan ka dubi layin formil a sama, abin da ka gani a can shi TROUVE yake gani.

Alhaji_Kwastan
To madalla. Na yi shiru, ku ci gaba, ina karantawa.

Mushe_Sani
Mai_Sito, kwafo mana uku ko huɗu daga cikin masu #VALEUR! ɗin, yadda suke ba tare da ka gyara komai ba.

Mai_Sito_Tawa
Ga su:

```
Buhun banza
Feshi 16L [FS-031]
1) Taki Ure (TK-0415)
Igiya (IG-009
```

Mushe_Sani
Yauwa, ciwo huɗu ne kuma kowanne da maganinsa. Na farko ba shi da baka ko kaɗan, TROUVE ya nema bai samu ba. Na biyu baka mai kusurwa ne, wanda a kilabiyenmu ake samu da AltGr da 5, kuma a wajen Excel wani harafi ne dabam. Na huɗu an buɗe ba a rufe ba.

Na uku shi ne mai daɗin bayani, don bakan duka biyu suna nan amma ya ƙi. TROUVE kullum daga hagu yake farawa, kuma abin da ya fara cin karo da shi yake kawowa. A wannan layi bakan rufewa na farko yana wuri na 2, bayan lamba 1 ɗin nan. Taki ya kama 4 zuwa 7, Ure 9 zuwa 11, bakan buɗewa yana 13. Lissafin tsawo ya zama 2 a cire 13 a cire 1, wato -12. Ba a ɗebo haruffa ƙasa da sifili, shi ne STXT ya yi tutsu.

Maganin yana cikin TROUVE kansa. Yana karɓar abu na uku da mutane ba su cika amfani da shi ba, wato daga ina zai fara nema. Sai mu ce masa ya fara neman bakan rufewa daga inda bakan buɗewa yake:

```
=STXT(A2;TROUVE("(";A2)+1;TROUVE(")";A2;TROUVE("(";A2))-TROUVE("(";A2)-1)
```

Ni ko da layukan suna da tsabta wannan nake sawa, bai rage komai ba.

Hadiza_Stat
Mushe, formil ɗin daidai ne amma ya fara zama igiyar rijiya. Shawarata ga mai tambaya, ka raba shi kolon uku, ka ga abin da kowane yanki yake yi da idonka. B2, C2, D2 a jere:

```
=TROUVE("(";A2)
=TROUVE(")";A2;B2)
=STXT(A2;B2+1;C2-B2-1)
```

In B ne ya yi kuskure ka san ba a buɗe baka ba. In B lafiya C ya yi kuskure, ba a rufe ba. Ba sai ka zo ka tambaye mu ba. In ka gama ka ɓoye B da C, babu wanda zai sani.

Zabaya227
Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Sunayen kayana da Hausa nake rubuta su, da ƙ da ɗ da ɓ. An ce mini Excel yana ƙirga su haruffa biyu-biyu, ba zai ɓata lissafin ba?

Mushe_Sani
A'a ƴar'uwa, ƙ harafi ɗaya ne a wajensa, gwada NBCAR a kan "ƙasa" za ki ga 4. In kuma kina rubuta k da ɗigon sama a gefenta, kamar yadda wasu ke yi in kilabiye ba shi da masu lanƙwasa, to biyu ne, amma ko hakan ba ya ɓata komai. Ai ba mu muke ƙirgawa ba, TROUVE ne yake ƙirga duka wuraren biyu da mudu ɗaya.

Dan_Wadata
Don masu #VALEUR! ɗin nan, ka nannaɗe duka cikin SIERREUR ka sa "" a ƙarshe. Tablo ya yi fes, maigida ya ga aiki mai tsabta.

Ibro_Kontabul
Kai Dan_Wadata, wannan ai share ɗaki ne a tura dattin ƙarƙashin tabarma. Layi 40 ɗin nan kaya ne da suke cikin sito. In ka mayar da su fanko, ranar ƙidaya ba za su sami farashi ba, jimilla ta fito da giɓi, kuma babu abin da zai nuna maka daga ina. Na ga an yi haka a wani wurin da na yi aiki, kwana biyu muna neman inda kuɗi suka shiga, har an fara kallon mai gadi, ashe SIERREUR ne ya haɗiye layuka fiye da goma. In dole sai an sa shi, a sa kalmar da za a iya tacewa:

```
=SIERREUR(STXT(A2;B2+1;C2-B2-1);"DUBA")
```

Sai ka tace kolon ɗin a kan DUBA, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dan_Wadata
Amma irin "Buhun banza" da ba shi da lamba tun asali fa? Shi ma DUBA har abada?

Ibro_Kontabul
Har ranar da aka ba shi lamba. Kaya marar lamba a sito ai shi ne ya fi cancantar a duba shi.

Hadiza_Stat
Ni a nan ina tsakiya. In tablon na aiki ne, DUBA. In wanda za a buga a takarda a miƙa wa maigida ne, fanko ba laifi, bayan an riga an bi su.

Mai_Sito_Tawa
Na yi kolon uku kamar yadda Malama Hadiza ta ce, na gyara masu kusurwa da Ctrl+H, su 22 ne. Waɗanda ba a rufe ba na rufe su da hannu. Saura batun Galmi. Ga layin:

```
Irin albasa (Galmi) 500g (IR-208)
```

Irinsa suna da yawa a wajen iri, don ya kan sa nau'in a baka sannan lambar a wani bakan.

Bachir_Info
Wannan sauƙi ne in kana da Microsoft 365. TEXTE.APRES yana karɓar -1, ma'ana ya ƙirgo daga ƙarshe:

```
=TEXTE.AVANT(TEXTE.APRES(A2;"(";-1);")")
```

An gama, ba STXT ba TROUVE.

Mai_Sito_Tawa
Na gwada, #NOM? ya ba ni. Na 2016 ne a kwamfutar shago.

Bachir_Info
To babu su a ciki, sai a 2022 suka fito. Yi haƙuri. Gwada Ctrl+E mana, wannan tun na 2013 yana nan. Ka rubuta lambar layi biyu ko uku da hannu a kolon na kusa, ka danna, ya cika sauran.

Hadiza_Stat
Ctrl+E cinta yake yi, Bachir. In layukan iri ɗaya ne yana cinta daidai, in sun gauraye kamar na bawan Allah nan zai cika wasu da shirme kuma ba zai nuna kuskure ba. Sannan in an gyara suna gobe, abin da ya cika ba ya canzawa. Gara #VALEUR! da nake gani da kuskuren da ya yi shiru.

Mushe_Sani
Mu koma kan Galmi. Wannan ya fi #VALEUR! haɗari, don formil bai yi kuka ba, ya kawo amsa, amsar ce ba ita ake so ba. Abin da muke so shi ne bakan ƙarshe, TROUVE kuwa ba ya tafiya daga dama. Dabarar ita ce mu yi wa bakan ƙarshe alama da wani harafin da babu shi a ko'ina cikin tablon, sannan mu nemi alamar.

Da farko, baka nawa ne a gidan? A auna tsawon rubutun, a cire dukkan bakan buɗewa a sake aunawa, bambancin shi ne yawansu. Layin albasa haruffa 33 ne, in an cire su ya koma 31, ke nan guda 2. SUBSTITUE kuma yana da abu na huɗu da ke cewa na nawa za a canza. Sai mu ce ya canza na 2 kawai ya mayar da shi sanda, mu sa TROUVE ya nemo sandar. Canza B2 kaɗai:

```
=TROUVE("|";SUBSTITUE(A2;"(";"|";NBCAR(A2)-NBCAR(SUBSTITUE(A2;"(";""))))
```

A layin albasa zai ba da 26. C2 zai fara nema daga 26 ya sami bakan rufewa a 33, ya tsallake na Galmi da ke 19. Tsawo 33 a cire 26 a cire 1, saura 6, IR-208 ke nan. C da D ba ka taɓa su ba, kuma layukan da ke da baka ɗaya suna nan yadda suke, don a wajensu na ƙarshe shi ne na farko. Sandar tana AltGr da 6.

Ka ga amfanin shawarar Malama Hadiza. Da a dunƙule yake, sai ka maimaita wannan dogon abu sau uku a layi ɗaya.

Mai_Sito_Tawa
Mushe Allah ya saka da alheri, Galmi ya tafi. An ɗauke wuta, sai da yamma zan ci gaba.

Rabi_Farmasi
Tunda ana jira bari in kawo nawa. Na ciro lambobin magani da irin formil ɗin nan, sun fito da kyau, ina ganinsu da idona, amma RECHERCHEV ya ce #N/A a kan kusan duka. Lambar tana cikin ɗaya tablon, na duba. Nawa lambobi ne zalla, kamar (30415).

Ibro_Kontabul
Hajiya Rabi, dubi gefen da suka jingina. Abin da STXT ya fitar rubutu ne ko da kamannin lamba gare shi, shi ya sa yake jingina hagu. Na ɗaya tablon in suna dama to lambobi ne na gaske, kuma RECHERCHEV ba ya ɗaukar rubutun 30415 daidai da lambar 30415. Ki sa CNUM a kan sakamakon:

```
=CNUM(D2)
```

Amma ki duba tukuna ko akwai masu farawa da sifili. CNUM zai mayar da 0412 ya zama 412. In akwai irinsu, gara ki mayar da na ɗaya tablon rubutu, ki bar waɗannan yadda suke.

Rabi_Farmasi
Hagu suke kuwa! Babu mai sifili a gaba. Ya yi, na gode ƙanena.

Mai_Sito_Tawa
Wuta ta dawo. Ni ma na shiga ramin Hajiya, amma nawa 17 ne kawai suka ba da #N/A, kuma masu haruffa ne, ba batun CNUM ba ne.

Hadiza_Stat
Sa NBCAR a kan ɗaya daga cikinsu. In lambar bakwai ce ya ce maka 8 ko 9, akwai tazara a cikin bakan, irin ( TK-0420 ). Ido ba ya ganinta. SUPPRESPACE yana cire ta. In ka sa shi kuma har yanzu tsawon bai ragu ba, to wata tazara ce mai taurin kai da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet ko Word, lambarta 160. Wannan yana kashe duka biyun:

```
=SUPPRESPACE(SUBSTITUE(D2;CAR(160);" "))
```

Mai_Sito_Tawa
Tara ya ce. Na sa, 17 ɗin sun sami farashinsu. Amma ina bin kolon ɗin da ido sai ga sabuwa:

```
Taki Ure (TK-0415) (ya ƙare)
Feshi 20L (FS-044) (na Alhaji)
```

Yanzu formil ɗin Mushe "ya ƙare" yake kawo mini. Wanda ya riga ni ɗin nan, Allah ya yafe masa.

Mushe_Sani
Amin. To ka ga iyakar dabarar. Na farko yana aiki in lambar ce a gaba, na ƙarshe in ita ce a baya. In mutum ya sa ta inda ya ga dama, matsayi ba zai taimake mu ba.

Dan_Wadata
Ni fa tun ɗazu nake son in ce a bar TROUVE a koma CHERCHE, na ji tsoron Malam Ibro. CHERCHE ya fi shi wayo.

Ibro_Kontabul
Faɗi abinka, ba na cizo. Amma a kan baka ban ga bambanci ba. TROUVE yana bambanta babban harafi da ƙarami, CHERCHE ba ya yi, baka kuwa ba shi da babba da ƙarami.

Dan_Wadata
Ba wannan ba. CHERCHE yana gane alamar tambaya a matsayin kowane harafi guda. Lambobinsa duk haruffa biyu ne sai karan ɗori. To a nemi bakan da haruffa biyu da karan ɗori suke bi, ko'ina yake. A B2:

```
=CHERCHE("(??-";A2)
```

Galmi ba zai shiga ba, "ya ƙare" ba zai shiga ba.

Mushe_Sani
Kai, wannan ta yi! Na gwada a kan na albasa ya ba da 26, a kan na Ure ya ba da 10. Ya fi nawa gajarta nesa ba kusa ba, kuma siffar lambar yake bi, ba wurin zamanta ba. Dan_Wadata yau ka biya bashin wutsiyar ɗazu.

Ibro_Kontabul
Na sallama. Sai dai masu tazara bayan baka, irin 17 ɗin nan, ba za su shiga ba, don tazarar za ta cinye alamar tambaya ɗaya. A fara gyara su a kolon A.

Hadiza_Stat
Kafin a yi guɗa, shagon taki ne fa. Mai_Sito, babu inda ya rubuta irin wannan?

```
Taki NPK (15-15-15) (TK-0412)
```

Baka, haruffa biyu, karan ɗori. Alamar tambaya ba ta san lamba da harafi ba, 15-15-15 zai kawo.

Mai_Sito_Tawa
Akwai, Malama. Guda 6, da 15-15-15 da 20-10-10.

Dan_Wadata
Shida cikin 1240 ai sai a yi su da hannu.

Bachir_Info
Ko a sa duka biyun a kolon dabam-dabam, na Mushe da na Dan_Wadata, a tace inda amsarsu ta saɓa. Inda suka yarda da juna da wuya a ce duka sun yi kuskure, inda suka saɓa mutum ya duba da ido.

Ibro_Kontabul
Wannan na Bachir nake goyon baya don aikin yau. Amma in ka gama, ka kwafi kolon lambar ka liƙa shi da Collage spécial, Valeurs, ya zauna da kansa. Daga nan duk sabon kaya, suna a gidansa, lamba a gidanta, bayani a nasa gidan. In ba haka ba wata mai zuwa yaron shago zai rubuta "(sabo-sabo)" ko wani abin da ba mu yi tunaninsa ba.

Mushe_Sani
Ban yarda a goge formil ɗin gaba ɗaya ba. Takardun da masu kawo kaya ke turowa a dunƙule za su ci gaba da zuwa. Ya ajiye shafi ɗaya mai kolon ukun nan, in sabuwa ta zo ya zuba a A.

Zabaya227
Ni kuma nawa lambobin wasu haruffa biyu ne wasu uku, kamar (SAB-12). Alamar tambaya nawa zan sa?

Dan_Wadata
Sa tauraro maimakonsu, yana ɗaukar ko nawa ne.

Hadiza_Stat
Tauraro zai fara daga bakan farko ya miƙe har sai ya ga karan ɗori ko'ina yake, ya ƙetare Galmi da bakan rufewarsa duka. A layin albasa 13 zai ba ki, mun koma gidan jiya. Gwada mai uku tukuna, in bai samu ba ya koma mai biyu:

```
=SIERREUR(CHERCHE("(???-";A2);CHERCHE("(??-";A2))
```

Ban gwada shi a kan kayanki ba, turo layi biyar mu gani.

Mai_Sito_Tawa
Na yi na Bachir. Layi 31 ne suka saɓa, na bi 19, an kira magariba. Akwai ɗaya da ban san yadda zan yi da shi ba, lamba biyu ce a baka ɗaya, (IR-208/IR-209), kuma buhu ɗaya ne a sito. Gobe in maigida ya zo zan tambaye shi wacce ce ta gaskiya.